Takardar hotunan shayarwa: amsoshin tambayoyin masu jego

Malama, takardar da aka ba ni ranar sallama duk hotuna ne. Wanne zan fi kula da shi?

Biyu kawai. Wanda ya nuna yadda aka riƙe jariri, da wanda aka matso da bakinsa a kan nono. Na farko ki gyara shi tukuna, domin yaron da aka riƙe a karkace ba zai taɓa kama nono daidai ba. Kuma takardar ba ta ƙasan katifa ba ce, ki ajiye ta inda kike zama ki shayar.

To yaya ake riƙon?

Kunnensa da kafaɗarsa da ƙugunsa su zama a layi ɗaya. Cikinsa ya juyo ya manne da naki, kada ya kwanta rigingine yana waiwayo da wuya. Hancinsa ya yi saitin kan nono kafin ya kama. Hannunki ya tallafi bayansa har ɗuwawu, musamman a makonnin farko, ba ƙeya kaɗai ba. Ke kuma ki jingina bayanki, ki ɗago yaron zuwa nono. Masu sunkuyawa su kai nono bakin yaro su ne ke dawo mini da ciwon baya da tsagaggen kan nono.

Ni dai na ga yana tsotsa. Ba shi ke nan ba?

A'a. Yaro yana iya tsotsar kan nono awa guda bai sha abin kirki ba. Ruwan yana fitowa ne idan ya cika bakinsa da naman nono, harshensa yana matsawa daga ƙasa. Alamomi huɗu ne a hotonki, su ne Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ke koyarwa: baki a hangame, leɓen ƙasa ya juyo waje, haɓa ta taɓa nono, sannan baƙin da ya kewaye kan nono ya fi fitowa ta saman bakinsa a kan ta ƙasa. Idan leɓunansa sun tsuke kamar mai shan lemo da tsinke, bai kama ba.

Ana zafi sosai a garinmu. Ko cokali ɗaya na ruwa ba zan ba shi ba?

Ko ɗigo. Nono kusan kashi 88 cikin 100 ruwa ne. Idan yana jin ƙishi ki ƙara sa shi a nono. Wata shida, babu ruwa, babu jiƙo, babu zuma, sai maganin da aka rubuta masa a asibiti. Na gaji da wannan tambayar, amma zan ci gaba da amsa ta.

Na bi hoton sak, amma duk sanda ya kama sai na ji zafi har hawaye, kan nonon ma ya fara tsagewa. Me ya rage?

Wannan ce tambayar da ba ta amsuwa a layi biyu, kuma ba zan yanke hukunci ban ga shayarwar da idona ba. Amma ga yadda nake bin ta.

Da farko, hoton yana da wata matsala da ba a cika faɗa wa uwaye ba. Mai zanen ya zana uwa da ɗa ne daga gefe, ke kuwa daga sama kike kallo. Daga inda idonki yake ba za ki ga leɓen ƙasa ba, ba za ki ga haɓa ba, nonon ya tare su. Idan kika danna nono ko kika janye yaron don ki leƙa, kin ɓata kamun da kike son dubawa. Saboda haka ki miƙa takardar ga wadda ke zaman jego da ke, ko Inna ko yayarki, ta tsuguna a gefenki ta gwada hoton da abin da take gani. Ke kuma aikinki shi ne lura da abin da kike ji. Ɗan zafi na 'yan daƙiƙoƙi a farkon kamu, a kwanakin farko, yana faruwa ga mata da yawa, ya wuce. Zafin da ya zauna har ƙarshen shayarwa, wannan alama ce ta cewa ana matse kan nonon tsakanin harshe da dasashi. Ki duba kan nonon da zarar ya saki. Idan ya fito a zagaye kamar yadda ya shiga, da kyau. Idan ya fito a matse, gefe ɗaya ya baje ko da farin layi a kansa, kamun bai yi zurfi ba, ko me hoton ya ce.

Bari in ba ki misali da wata mai haihuwar fari da aka kawo mini kwana huɗu da haihuwa. Nonuwan sun cika sun yi tauri suna ƙyalli, kan nono na dama ya tsage, yaro na ta kuka, kakarsa kuma ta riga ta yanke cewa nonon ne ba shi da kyau. Na ce ta shayar yadda ta saba, ban taɓa ta ba. Ta zauna bakin gado ba jingina, ta kwantar da shi a cinya cikin tawul da bargo, cikinsa na kallon sama. Ta sa yatsu biyu ta matse nonon dab da kansa, ta cusa masa tun bai buɗe baki ba, ɗaya hannun kuma yana danna ƙeyarsa. Kumatunsa na lotsawa, ana jin ƙarar "tsut-tsut", ba a jin haɗiya.

Abin da muka yi ba shi da yawa. Muka rage masa kaya don jikinsa ya samu mannewa da nata. Ta jingina da bango, muka sa filo a cinyarta. Da yake nonon ya yi tauri har baƙin ya ƙi lanƙwasuwa, na sa ta tatsa kaɗan: babban yatsa a saman iyakar baƙin, manuni a ƙasa, ta tura su baya wajen ƙirji sannan ta matse ta saki, har wurin ya yi laushi. Ba a tatse nono duka, laushi kawai ake nema. Sai ta tallafi nonon da yatsu huɗu a ƙasa, can jikin ƙirji, babban yatsa a sama, duk nesa da baƙin. Hannun da ke danna ƙeya ya sauko kan kafaɗu da bayan wuya, don kansa ya samu ɗan ɗagawa baya. Ta shafa kan nono a leɓensa na sama, ta jira. Jiran nan shi ne ke gagarar mutane. Sai da ya wangale baki sosai ta jawo shi gaba ɗaya da sauri, haɓa ta fara isa, kan nonon ya nufi saman bakinsa. Na farko bai yi ba. Ta sa ɗan ƙaramin yatsanta mai tsabta a gefen bakinsa ya saki, ta sake. Da ya kama daidai, tsotson ya koma a hankali, mai zurfi, yana yi yana hutawa, kumatu a cike, ana jin haɗiyar. Zafin bai ɓace duka a ranar ba, tunda akwai ciwo a wurin, amma ya ragu har ta daina cije leɓe.

Ga tsagewar kanta, ki shafa ɗan ruwan nononki bayan shayarwa, ki bar iska ta busar. Kada ki riƙa wanke kan nono da sabulu, kada ki shafa toka ko wani haɗi. Idan ɓangare ɗaya ya fi ciwo, fara da mai sauƙin. Wani lokaci canza riƙo yana taimakawa, misali ki sa jikinsa ta ƙarƙashin hammatarki ƙafafunsa na bayanki, don matsin ya sauka a wani wuri daban.

Yawanci da an gyara kamu, sauƙi yana zuwa cikin kwana biyu zuwa uku. Na ce yawanci. Idan an gyara, wadda ta iya ta duba ta ce ya yi, zafin kuma bai tafi ba, to akwai abubuwan da takarda ba ta nunawa. Wani yaron zaren ƙarƙashin harshensa gajere ne, harshen ba ya miƙowa ya wuce dasashi. Ba kowane irin wannan ne ke buƙatar a taɓa ba, kuma ba aikin aska a gida ba ne, a kai shi a duba. Wani kuma za ki ga farin abu a harshe da cikin kumatunsa wanda ba ya goguwa, ke kuma kina jin raɗaɗi ko ƙaiƙayi har bayan ya saki. Wannan yana iya zama cutar da za a yi muku magani ku biyun tare. Idan kuwa wani sashe na nonon ya yi ja, ya yi zafi da tauri, ga zazzaɓi da ciwon jiki, kada ki kwana biyu kina jira, ki zo a ranar. Kuma kada ki daina ba shi wannan nonon don an ce ya lalace. Barin sa a cike ne ke kai mata ga ƙurji.

Nonon ba zai toshe masa hanci ba?

Idan haɓarsa ta nutse a nono, hancin yana samun sarari da kansa. Idan kin ga hancin ya nutse, matso da ɗuwawunsa jikinki. Ki daina danna nono da yatsa, janye masa shi kike yi daga baki.

Aiki aka yi mini, ba na iya ɗora shi a ciki.

Ki kwanta a gefenki, shi ma a gefensa yana fuskantarki, ko ki yi riƙon hammata. Alamomin bakin ba su canza ba. Kwanakin farko ki nemi a miƙo miki shi, ba abin kunya ba ne.

Uwar mijina ta ce a zubar da ruwan farko mai kauri.

Dakashi ke nan, kuma shi ne rigakafinsa na farko. Kaɗan yake zuwa saboda cikin jariri ƙarami ne. Shi ya sa muke so a sa yaro a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Kada ki tsaya musu da ita, ki zo mini da ita ranar awo, mu ma mun iya magana da manya.

Ta yaya zan san yana ƙoshi, tunda ba na ganin abin da ya sha?

Ki ƙirga abin da ke fita. Daga kwana biyar zuwa sama, fitsari sau shida ko fiye a yini da dare, mai haske ba mai duhu ba. Baƙin kashin nan na farko ya koma ruwan ɗorawa wajen kwana huɗu ko biyar. Yana sha aƙalla sau takwas a awa 24, har da dare. Zai ɗan rage nauyi a kwanakin farko, amma zuwa mako biyu ya kamata ya koma nauyin haihuwarsa. Kuka shi kaɗai ba ma'auni ba ne, hankalinki ya kwanta. Amma yaron da ya yi laƙwas, ba ya tashi shan nono, ko ya ƙi kamawa sam, ko idonsa da jikinsa suka yi ɗorawa, wannan ba na jiran ranar suna ba ne, asibiti yanzu.

Minti nawa a kowane ɓangare?

Ajiye agogo. Ki bar shi ya saki na farko da kansa, don nonon ƙarshe ya fi maiƙo. Sannan ki miƙa masa ɗayan, in ya ƙi, da shi za ki fara a karo na gaba.