Ma'anar "masu cin gajiya" da yadda ake kumbura ta a takardar neman aiki

Tun da gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafin ƙetare a watan Janairun 2025, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da dama a Maiduguri, Yola da Damaturu suka koma neman aiki. Kusan kowace takardar tarihin aiki, wato si-bi, da ta zo hannuna tana ɗauke da jimla iri ɗaya: "Na kai tallafi ga masu cin gajiya dubu kaza." A rediyo ma haka, ɗan siyasa zai raba buhu ɗari ya ce dubban jama'a sun ci gajiya.

A aikin agaji kalmar tana da iyaka. Mai cin gajiya kai tsaye shi ne mutumin da kaya, kuɗi ko hidima suka isa gare shi, kuma akwai shaidar hakan: sunansa a rajista, katin karɓa, ko dangwalen yatsansa. Akwai kuma wanda amfanin ya taɓa ta hanyar wani, kamar marasa lafiyan da ma'aikaciyar jinya za ta duba bayan an ba ta horo. Rahoto nagari yana ware su gida biyu. Kuma mutum ɗaya sau ɗaya ake ƙirga shi, ko sau nawa ya karɓa. A nan ne abin yake ɓata min rai.

Mu ɗauki misali. A ce jami'in fili ya yi rabon abinci a Monguno ga gidaje 1,200, kowane wata, har wata shida. Idan rajista ta nuna mutum shida a kowane gida, mutane 7,200 ke nan. Amma sai ya tara rahotannin wata-wata guda shida, ya rubuta 43,200. Bai ƙirƙiri ko buhu ɗaya ba, duk rabon an yi shi. Abin da ya ƙirga dai yawan karɓa ne, mutanen kuwa su ne dai na watan farko. Idan a cikin gidajen nan akwai mata 500 da aka ƙara wa kuɗin jari, su ma ba za a ɗora su a kan 7,200 ba, domin suna ciki tun farko.

Mai tantance takardu yana gane wannan cikin sauƙi. Ya san fom ɗin 5W da ƙungiyoyi ke cikewa don tsara aiki a ƙarƙashin OCHA, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai daidaita ayyukan agaji, inda ake faɗin wa ya yi me, a ina, yaushe, kuma domin wa. Zai tambaya a zaman ganawa: gidaje ne ko mutane? Mata nawa, yara nawa? Ta yaya kuka cire sunan da ya maimaitu? Wanda ya riƙe rajista da hannunsa zai amsa nan take. Wanda ya kwafo adadi daga rahoton shekara zai fara kame-kame. A harkar ruwa abin ya fi saurin tonuwa, domin ƙa'idar Sphere, wato ma'aunin ingancin aikin agaji, ta ɗora mutum 500 a kan famfon tuƙa-tuƙa ɗaya. Wanda ya gina huɗu ya ce 40,000 sun amfana, yawan mutanen garin ya rubuta.

Ga yadda jami'in Monguno ya kamata ya rubuta: "Na jagoranci rabon abinci na wata-wata ga gidaje 1,200 (mutane 7,200) tsawon wata shida. Na tantance rajista da manhajar KoboToolbox, na riƙa miƙa rahoton wata, na bi gidaje bayan rabo don jin ƙorafi." Adadin ya ragu, amma duk wanda aka kira don jin shaida a kansa zai iya tabbatar da shi.

Kuɗin shiri ma haka. Idan shirin na dala miliyan 2 ne, kai kuma kuɗin mota da ladan 'yan dako kake sa wa hannu, rubuta cewa ka yi aiki a shirin da mai tallafi kaza ya ba dala miliyan 2, sannan ka faɗi ɓangaren da ke wuyanka. Jimlar "Na kula da kuɗin shiri" ta wanda binciken kuɗi zai tuhuma ce.

Ni dai kalmar kanta ba ta kwanta min ba. Matar da rikici ya raba da gonarta, ta tsaya layi tun hantsi don mudun masara, kiran ta "mai cin gajiya" yana sa a ɗauka alfarma aka yi mata, alhali haƙƙinta ne. Ƙungiyoyi da yawa sun fara cewa "mutanen da abin ya shafa". A takardar neman aiki na fi son a faɗi ko su wane ne: 'yan gudun hijira, masu masaukinsu, ko waɗanda suka koma gida, domin buƙatunsu sun bambanta, kuma mai ɗaukar aiki yana son sanin da waɗanne ka yi aiki.