Menene ake nufi da cikakken Linux a filash, wanda zaka iya yawo dashi daga kwamfuta zuwa kwamfuta?

Idan kaji ance wane yana da Linux a filash to abu uku ne ake iya nufi, kuma mutane da yawa suna cakuɗa su shiyasa wani zai ɓata dare guda yana aiki washegari ya kunna yaga komai ya tafi.

Na farko shine wanda kowa ya sani, Live USB. Ka sauko da fayil ɗin ISO, ka saka shi a filash da Rufus ko Ventoy ko balenaEtcher, ka kunna kwamfuta dashi. Zai tashi lafiya lau, zaka shiga intanet, zaka iya saka manhaja ma, amma shi sistem ɗin a dunƙule yake cikin fayil guda wanda karantawa kawai ake yi ba'a rubutu a kansa, duk abinda ka canza a RAM yake zama, kana kashe kwamfutar shikenan ya goge. Na biyu shine wannan ɗin dai amma an ware masa wani waje a filash ɗin inda canje-canjenka zasu dinga zama, a Rufus zaka ga an rubuta Persistent partition size. Yana riƙe fayil da saitin, sai dai har yanzu tsohon sistem ɗin nan ne a ƙasa ana ta lafta masa sabbin abubuwa a sama, kuma da zarar kayi babban ofdet, musamman na kanel, wato zuciyar sistem ɗin, sai matsala ta fara.

Na ukun shine maganarmu. Cikakken insitol kenan, irin wanda ake yi a hadis na cikin kwamfuta, kawai dai ka nuna masa na waje. Yana da sunanka da faswod ɗinka, yana karɓar ofdet kamar kowane sistem, duk manhajar da ka saka tana nan, ka cire ka saka a aljihu ka je ofis ko makaranta ka jona a wata kwamfutar ka samu teburinka yadda ka barshi. Hadis ɗin mai kwamfutar ba ruwanka dashi, aron firosesa da RAM da sikirin kawai kayi.

Toh ya akayi sistem ɗaya yake tashi a HP yau gobe a Dell? Saboda direbobin Linux mafi yawansu a tare da kanel suke zuwa, duk lokacin da ya tashi sai ya duba kayan da ke jikin injin ya ɗauko wanda ya dace, ba wai ya haddace injin da aka yi masa insitol a kai bane. Sannan baya neman kansa da suna irin /dev/sdb, domin wannan sunan canzawa yake yi, a wata kwamfutar ya zama sda a wata sdc. Da wata doguwar lamba yake nema mai suna UUID wadda a jikin fatishan ɗin take, duk inda ka kai shi lambar na nan.

Kafin komai dan Allah maganar abinda zaka saka shi a ciki. Muna cewa filash ne saboda bakinmu ya saba, amma gaskiya ƙaramin filash na kasuwa ba shine ya dace ba. Filash yana da sauri wajen kwafar babban fayil guda ɗaya, shi kuma sistem mai aiki ƙananan rubuce-rubuce yake yi barkatai ba tsayawa, burauza kaɗai tana rubuta ɗaruruwan ƙananan fayiloli, anan ne filash yake durƙushewa. Alamar itace kana cikin aiki komai ya daskare na wasu daƙiƙu sai linzami kaɗai ke motsi, fitilar filash ɗin na ta ƙiftawa, ka taɓa shi kaji zafi, ofdet ɗin da ya kamata ya ƙare a minti goma ya cinye awa. Kuma irin wannan rubutun yana saurin kashe shi. Abinda nake ba mutane shawara shine SSD, ko da wanda aka ciro daga tsohuwar laftof ne, a sa shi a ɗan akwatinsa mai wayar USB. 128GB ya isa, 256GB ka huta. Ka kuma jona shi a ramin USB 3, galibi cikinsa shuɗi ne ko kaga an rubuta SS a gefe, domin USB 2.0 a aikace da kyar yake wuce megabayit 35 zuwa 40 a daƙiƙa, shi kuwa USB 3.0 da SSD yana kai ɗari uku zuwa ɗari huɗu.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Kana da laftof HP mai Windows, kana da SSD 256GB na waje, kana son Linux Mint a kai. Abu biyu kake buƙata ba ɗaya ba, ƙaramin filash 8GB wanda zaka saka ISO a kai ka tashi dashi, da kuma SSD ɗin da za'a yi insitol a kansa. Ka tashi da ƙaramin, a HP F9 ake dannawa, Dell da Lenovo yawanci F12. Bayan ya tashi sai ka jona SSD ɗin ka buɗe taminal:

```
lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,TRAN
```

Wanda kaga usb a layinsa kuma girmansa ya kai wajen 238G shine naka, haka 256GB yake nunawa. Ka rubuta sunansa a takarda, a ce sdc ne. Kar ka raina wannan matakin, kuskuren harafi ɗaya anan shine ka goge Windows ɗin da hotuna da komai.

A wajen insitol idan ya tambayi yadda za'a yi, ka zaɓi Something else. A kan sdc ka yi fatishan biyu, ƙarami mai 512MB a matsayin EFI System Partition, sauran kuma ext4 ka ɗora shi a kan /. A ƙasa inda aka rubuta Device for boot loader installation ka zaɓi sdc.

Anan ne fa tarkon yake, kuma shine dalilin da yasa mutane da yawa suke cewa abin baya aiki. Manhajar insitol ta Mint, wadda ta gada daga Ubuntu, sunanta Ubiquity, tana da wani tsohon hali a kwamfutoci masu UEFI, wato sabon tsarin tada kwamfuta wanda ya maye gurbin tsohon BIOS, ko ka zaɓi sdc sai ta share zaɓinka ta kai GRUB cikin fatishan EFI na farko da ta gani, wato na hadis ɗin ciki inda Windows yake. GRUB shine ɗan shirin da yake fara tashi ya kira Linux. Kaga kenan an baka mota an bar makullin a gidan wani. A laftof ɗin da kayi insitol komai zai tafi daidai har kayi murna, amma ka kai SSD ɗin wata kwamfutar ko a jerin F12 bazai fito ba, sannan ita laftof ɗin taka idan ka cire SSD ka kunna sai ta tsaya a baƙin allo da rubutun grub> tana jira, domin rabin GRUB na cikinta ragowar na aljihunka. Windows ɗinka na nan ba abinda ya same shi, ka danna F9 ka zaɓi Windows Boot Manager, daga baya ka shiga BIOS ka mayar dashi sama a jeri.

Hanya mafi tsafta ta kaucewa itace ka cire hadis ɗin ciki gaba ɗaya kafin ka fara, idan laftof ɗin mai sauƙin buɗewa ce. Idan ba hali, kafin insitol ka buɗe GParted, manhajar da ake gyara fatishan da ita, ka je fatishan EFI na hadis ɗin ciki, Manage Flags, ka cire alamar boot da esp, sai Ubiquity ta daina ganinsa. Amma kana gamawa, kafin ka kashe, ka koma ka mayar da alamun nan, wannan kar ka manta.

Bayan ka tashi daga SSD ɗin ga yadda zaka tabbatar:

```
findmnt /boot/efi
lsblk
```

Idan /boot/efi da / duk a kan na'ura ɗaya suke, alhamdulillahi. Idan kuwa kaga /boot/efi yana kan nvme0n1 ko wani hadis daban to ya faɗa tarkon, sai ka gyara layin /boot/efi a cikin /etc/fstab ka saka UUID na ƙaramin fatishan ɗin SSD ɗinka, ka sauke tsohon fatishan ɗin da umount ka ɗora sabon da mount. Daga nan saura umarni ɗaya, kuma ko baka faɗa tarkon ba ka yi shi:

```
sudo grub-install --target=x86_64-efi --efi-directory=/boot/efi --removable
```

Amfaninsa shine, a al'ada bayanin inda GRUB yake a cikin madabod ɗin kwamfutar da kayi insitol ake ajiye shi, baya bin SSD ɗin. Kwamfutar da bata sanka ba waje ɗaya tak take dubawa a na'urar waje, EFI/BOOT/BOOTX64.EFI, shi kuma --removable can yake ajiye shi. Da wannan ne ya zama na yawo da gaske.

Ba kowace kwamfuta zai tashi a kai ba dai. Wanda akayi ta hanyar UEFI bazai tashi a tsohuwar da BIOS zalla take dashi ba, irin na kafin 2012 da yawansu, haka MacBook masu M1 zuwa sama, firosesarsu daban ce. Direban Nvidia na kamfani idan ba dole ba ka barshi, na cikin kanel yafi zaman lafiya da yawo. Kuma idan kwamfutar wani ce ko ta ofis, kar ka shiga BIOS ka kashe Secure Boot kai tsaye, idan Windows ɗin yana da BitLocker, wato kullen hadis na Windows, zai iya tashi yana neman lambar ceto mai lamba 48, mai kwamfutar kuma wataƙila bai ma san inda take ba. Ka fara gwadawa a haka, Ubuntu da Fedora da Debian suna tashi da Secure Boot a kunne.

Akwai wani ƙaramin abu da zai sa a gane ka taɓa kwamfutar mutum, agogo. Linux yana ɗaukar agogon madabod a matsayin UTC, Windows kuma lokacin gari yake ɗauka, toh mu a Najeriya da Nijar awa ɗaya muke gaba da UTC, sai mai ita ya koma Windows yaga agogonsa ya koma baya da awa guda. Tunda kai ne baƙo kai zaka bi nasu:

```
sudo timedatectl set-local-rtc 1
```

Zai yi maka gargaɗi, ba komai.

Sai maganar ɓata. Abin da yake yawo a aljihu wata rana zai faɗi a adaidaita ko a manta shi a jikin kwamfutar kafe, kuma faswod ɗin shiga baya hana komai, duk wanda ya tsinta ya jona a wani Linux ɗin zai buɗe fayilolinka har da abinda burauza ta adana. Maganinsa kulle shi da LUKS, wato kullen hadis na Linux wanda sai da faswod ake iya karanta abinda ke ciki, tun wajen insitol, idan ka cire hadis ɗin ciki abin yafi sauƙi, ka zaɓi Erase disk kawai ka kunna zaɓin kullewar a Advanced features, daga baya kam abin da wahala, gara ka sake insitol. Sannan ka nemi gajeriyar waya mai kama rami da kyau, domin idan ta motsa tana cikin aiki sistem ɗin gaba ɗaya ne ya fita ba fayil ɗaya ba, kuma kar ka zare sai ka kashe kwamfutar ta mutu gaba ɗaya, ba rufe murfin laftof kawai ba.