Garaɓasar "kawo abokinka" a gidan motsa jiki: yadda ake rubuta sanarwar

Assalamu alaikum. Ina da gidan motsa jiki a Agege, kuɗin wata naira 20,000, rajista 5,000. Ina so in riƙa yi wa duk wanda ya kawo mini sabon kwastoma ihsani. Na rubuta "Kawo abokinka ka ci gagarumar kyauta!" Ya isa haka?

Wa alaikumus salam. Bai isa ba, Malam, kuma kalmar "gagarumar" ce za ta fara ja maka. Kowa zai auna ta da nasa ma'aunin. Kai kana nufin ragin naira 5,000, shi kuwa ya riga ya hango wata uku kyauta, ranar da ka miƙa masa abin sai ya ga ka rage masa hanya ne kawai. Ga kuma mutanen Legas da kunnensu ya riga ya ƙone da zancen "kawo mutum". Tun da MMM, tsarin zuba kuɗin nan na damfara, ta kulle kuɗin jama'a a Disambar 2016, duk sanarwar da ta ce a kawo wani ba ta faɗi abin da za a samu ba, ana yi mata kallon hadarin kaji.

Sanarwar tana bukatar ta amsa abu huɗu tun kafin a tambaye ka: nawa ne ladan, yaushe yake zama haƙƙin mutum, wane ne "sabo", kuma yaushe garaɓasar za ta ƙare. Na biyun shi ne mafi yawan masu kasuwa ke mantawa, shi ne kuma ke haddasa cacar baki a gaban teburin karɓar kuɗi. Wani zai shigo da abokinsa ya zagaya da shi, abokin ya ɗaga ƙarfe biyu, ya ɗau hoto, ya ce zai dawo. A wurin wanda ya kawo shi, aiki ya gama. A wurinka, ko sisi bai shigo ba. Idan takarda ba ta ce "bayan ya biya kuɗin watansa na farko" ba, ba ka da abin nunawa.

To nawa ya kamata in bayar? Wasu sun ce in sa wata guda kyauta don abin ya yi armashi.

Yi lissafin da kuɗinka. Idan ka ba wanda ya kawo wata guda kyauta, ka kuma yafe wa sabon kuɗin rajista, ka saki naira 25,000 don ka karɓi 20,000. Sai sabon ya biya wata na biyu kafin ka fara ganin haske, kuma kai ka fi kowa sanin yawan masu zuwa da zafinsu su ɓace kafin wata ya zagayo. Man janareto kuwa ba ya jira.

Gwada wannan: mai kawowa a rage masa 5,000 a kuɗin watansa na gaba, sabon a yafe masa rajistar 5,000. Ka saki 10,000, ka karɓi 20,000. Ko da wata ɗaya ya yi ya gudu, ba ka faɗi ba. Idan ya yi wata uku, 60,000 ta shigo a kan 10,000 ɗin. Armashin ma bai ɓace ba, domin 5,000 sau huɗu ita ce 20,000 cif. Kana iya rubuta "kawo mutum huɗu, watanka kyauta" da manyan haruffa, kuma gaskiya ka faɗa.

Ni na fi son ragi a kan kuɗi a hannu. Ragi yana sa mai kawowa ya sabunta watansa, tsabar kuɗi kuwa tana jawo waɗanda ba motsa jikin ya dame su ba. Ba wa sabon nasa kason ma yana da amfani: mutum ba ya jin kunyar gayyatar abokinsa idan ya san shi ma abokin zai ƙaru, ba wai an sayar da shi ba.

Za ka iya nuna mini yadda rubutun zai kasance?

Ga shi, sai ka sa ranakunka:

"KAWO MUTUM HUƊU, WATANKA KYAUTA!
Duk sabon mutum ɗaya da ka kawo, za a rage maka naira 5,000 a kuɗin watanka na gaba. Shi kuma ba zai biya rajistar 5,000 ba.
Ragin naka yana shiga ne da zarar ya biya kuɗin watansa na farko.
Ya rubuta sunanka a fom ranar da ya yi rajista. Ba a ƙara suna daga baya.
Sabo shi ne wanda bai taɓa rajista da mu ba, ko ya bar mu fiye da wata shida.
Iyaka mutum huɗu a wata. Ragi ne, ba a mayar da shi kuɗi.
Maza da mata duk suna ciki, kuma iyalinka ma ana lissafa su.
Daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Oktoba."

Lura da layin fom ɗin nan. Zai faru, ba makawa, mutum biyu su zo kowa na cewa shi ya kawo wane: ɗaya shi ya fara yi masa maganar a masallaci, ɗayan kuma shi ya ɗauko shi a babur. Kada ka zama alƙali a tsakaninsu, ka bar sunan da sabon ya rubuta da hannunsa ya yanke. Sharaɗin wata shida kuma don masu dabara ne, waɗanda za su bar watansu ya ƙare su dawo bayan mako biyu a matsayin "sabbi", abokinsu ya ci ragi, su kuma su rama masa a wata mai zuwa.

Sharuɗɗan su zauna a jikin sanarwar, da haruffan da za a iya karantawa a waya ba sai an zuƙo ba. Idan za ka fitar da ta Turanci ko ta Yarabanci, tunda Agege ce, adadi da ranaku su zama iri ɗaya sak. Ka kuma zaunar da yaron da ke kan tebur ya haddace su, don abin da ya faɗa da baki shi kwastoma zai riƙe.

Idan na ƙara da jefa ƙuri'a fa, wanda ya ci ya tafi da waya?

Nan ka shiga wani fage. Lada sananne a kan aiki sananne shi malaman fiƙihu ke kira ju'ala, ba wanda zai ɗaga maka gira a kai. Da ka shigo da sa'a, wasu kwastomominka za su fara tambayar ko akwai ƙanshin caca, sannan garaɓasar ƙuri'a a Legas tana ƙarƙashin hukumar jiha mai kula da harkar caca, sai da izininta. Ga ƙaramin wuri irin naka, wahalar ta fi ribar.

Zan iya cewa kowa ya ba ni lambobin abokansa in kira su da kaina?

A'a. Masu lambobin ba su ba ka izini ba, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ba ta yarda a riƙa tattara lambar mutum ana yi masa talla haka kawai ba. Yi hoton sanarwar mai kyau, ka tura wa mambobinka a WhatsApp, su aika wa wanda suka ga dama.

Idan na ga abin yana cin kuɗi, zan iya tsayar da shi a tsakiya?

Shi ya sa aka sa ranar ƙarewa, kuma aka yi ta kusa. Wata biyu za ka iya jurewa ko lissafi ya ɗan karkace. Yin alkawari a talla sannan a ƙi cikawa yana cikin abin da dokar kare masu saye ta 2018 ta hana, kuma kwastoma na da damar kai ƙara hukumar kare masu saye ta tarayya, wato FCCPC. Idan dole ta kama, ka sanar tun da sauran mako biyu, ka yi wa duk wanda nasa mutumin ya riga ya biya watansa na farko raginsa. Ka ajiye littafi guda mai sunan sabo, sunan wanda ya kawo shi, ranar biya da ranar da aka yi ragin, ka kuma rubuta ragin a jikin rasit. Wata guda bayan garaɓasar ta ƙare, ka ƙirga nawa ne cikin sabbin suka biya wata na biyu. Wannan adadin ne zai gaya maka ko za ka sake buɗe garaɓasar, ko kuwa sai ka mayar da sharaɗin ragin zuwa bayan biyan wata na biyu.