Waiwaye: yadda Lloyd da Max suka gyara matakan kwantaiza, da ainihin ribar da aka samu

Tun da Alec Reeves, injiniya ɗan Birtaniya da ke aiki a Paris, ya yi rajistar PCM, dabarar mayar da murya lambobi, a 1938, tambaya ɗaya take bin masu aikin tarho. Idan za ka mayar da murya lambobi, dole kowane samfurin da ka ɗauka ka maye gurbinsa da ɗaya daga cikin 'yan matakai ƙayyadaddu. Bit 2 matakai 4 ne, bit 3 matakai 8 ne. Abin da ke wannan aiki shi ake kira kwantaiza. To a ina za a dasa matakan?

Amsar farko ita ce wadda kowa zai fara kawowa: a jera su da tazara iri ɗaya, kamar layukan jikin rula. A 1948 W. R. Bennett na Bell Labs ya yi nazarin kuskuren irin wannan jeri. Idan tazarar Δ ƙarama ce kuma siginar ba ta tsallake matakin ƙarshe ba, matsakaicin murabba'in kuskure, wato MSE, yana kusa da Δ²/12. Ana samun wannan ma'auni ne ta ɗaukar bambancin da ke tsakanin samfurin gaskiya da wakilinsa, a ninka shi da kansa, sannan a fitar da matsakaici. Daga nan aka san cewa kowane ƙarin bit yana raba Δ biyu, kuskure ya ragu sau huɗu, wato kimanin desibel 6.

Sai dai murya ba ta ziyartar ko'ina daidai wa daida. Yawancin lokaci tana nan kusa da sifili, sai jefi-jefi ta yi tsalle. Jeri mai tazara ɗaya yana ajiye matakai a inda sigina ba ta cika zuwa ba, ya bar wurin cunkoso da ƙaranci. Panter da Dite sun nuna a 1951 cewa idan matakai suna da yawa, cunkosonsu ya kamata ya bi p(x)^(1/3), inda p(x) take nuna yawan zuwan sigina wurin x. Mutum zai zaci cunkoson ya bi p(x) kai tsaye, amma kuskuren da ake yi a gefe babba ne, kuma ninka shi da kansa yana ƙara masa nauyi, don haka ba a yin watsi da gefen. Matsalar lissafin nasu ita ce kiyasi ne na matakai masu yawa. Wanda ke da matakai 4 ko 8 bai samu amsarsa ba tukuna.

Stuart Lloyd, shi ma a Bell Labs, ya rubuta amsar a wata takardar cikin gida a 1957, kuma ba a buga ta ga jama'a ba sai 1982 a mujallar IEEE. A tsakanin nan, a 1960, Joel Max ya kai ga sharuɗɗa iri ɗaya da kansa, ya buga su tare da jadawalin lambobi na rarrabuwar Gauss, mai siffar ƙararrawa. Shi ya sa sunayen biyu suke tafiya tare.

Sharuɗɗan biyu ne. Na farko, kowace iyaka da ke raba matakai ta zauna daidai tsakiyar wakilai biyun da ke maƙwabtaka da ita: t = (y₁ + y₂)/2, don kowane samfuri ya tafi ga wakilin da ya fi kusa da shi. Na biyu, kowane wakili ya zama matsakaicin samfuran da suka faɗa yankinsa. Wannan matsakaici yakan karkata zuwa ɓangaren da samfura suka fi taruwa, don haka da wuya ya dace da tsakiyar yankin a ma'aunin rula. Kowane sharaɗi yana jiran ɗan'uwansa, sai Lloyd ya ce a yi ta karɓa-karɓa: a gyara wakilai, a gyara iyakoki, a sake. Babu zagayen da ke ƙara kuskure, saboda haka lissafin yana lafawa.

Bari mu bi misali ɗaya har ƙarshensa. Mu ɗauki sigina mai rarrabuwar Laplace, mai tsini a tsakiya da doguwar jela, wadda aka daɗe ana kwatanta murya da ita. Matsakaicinta sifili, ma'aunin bazuwarta σ = 1, wato ƙarfinta σ² shi ma 1 ne, matakai 4. Tunda dama da hagu iri ɗaya ne, akwai iyaka a sifili, kuma ɓangaren dama kaɗai za mu duba.

Jeri mai tazara ɗaya mafi kyau a nan yana da Δ = 1.087. Wakilansa 0.544 da 1.631, iyakarsa 1.087, kuskurensa 0.1963. Yanzu mu tambaya ina matsakaicin kowane yanki yake. Samfuran da ke tsakanin sifili da 1.087 sun fi matsawa kusa da sifili, matsakaicinsu 0.409 ne. Waɗanda suka wuce iyakar kuwa, a rarrabuwar Laplace matsakaicinsu kullum iyakar ce da ƙarin 0.707, wato 1.794. Ashe wakilin ciki ya yi nisa da yawa, na waje kuma ya yi kusa da yawa. Da aka matsar da su biyun kawai, ba a taɓa iyaka ba, kuskure ya sauko 0.1765. Sai iyaka ta koma tsakiyarsu, 1.102. Zagaye na gaba ya kai ta 1.111, ta ci gaba da rarrafe har ta tsaya a 1.127, wakilai kuma 0.420 da 1.834, kuskure 0.1762.

Kusan duk ribar a gyaran farko aka same ta, kuma ribar gaba ɗaya kashi 10 cikin 100 ce, ƙasa da rabin desibel. Tana girma idan matakai suka ƙaru. Da matakai 8, ratar sigina da kuskure desibel 12.6 ce a Lloyd-Max, 11.4 a mai tazara ɗaya. Da matakai 32 kuwa 23.9 da 20.6, bambancin ya haura desibel 3, wato fiye da rabin bit a kowane samfuri. Dalilin shi ne jeri mai tazara ɗaya yana tsaka mai wuya: in ya ƙaranta Δ don ya kyautata tsakiya, sai matakinsa na ƙarshe ya dawo kusa, manyan samfura su tsallake shi su jawo babban kuskure, in ya faɗaɗa don ya kamo jela, tsakiya ta sha wahala. Lloyd-Max yana matse tsakiya ya buɗe gefe a lokaci guda.

A rarrabuwar Gauss, wadda jelarta gajera ce, ribar ta fi haka ƙanƙanta. A jadawalin Max, matakai 4 suna ba da 0.1175, mai tazara ɗaya kuma 0.1188, kusan kunnen doki. Matakai 8 suna ba da 0.0345 da 0.0374.

A nan nake da ƙorafi kan yadda ake yawan gabatar da wannan kwatanci. Sai mutum ya shimfiɗa matakai 8 daga −4σ zuwa +4σ don kada komai ya tsallake, Δ ta zama 1, kuskure ya kai kimanin 0.083, sannan ya ce Lloyd-Max ya rage kuskure fiye da rabi. Ba a yi wa jeri mai tazara ɗaya adalci ba. Tazarar da ta dace da shi 0.586 ce, kuma da ita bambancin bai kai kashi 8 cikin 100 ba. Yawancin ribar da aka jingina wa Lloyd-Max a irin wannan gwaji ta gyaran Δ ce kawai.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane ko lissafinka ya zauna. Idan kowane wakili matsakaicin yankinsa ne, ƙarfin abin da ya fito da kuskure in an haɗa su dole su ba da ƙarfin sigina. A misalinmu, kashi 79.7 cikin 100 na samfura suna faɗawa matakan ciki, 20.3 na waje. Ka ninka kowane kaso da murabba'in wakilinsa ka haɗa, za ka samu kimanin 0.824, ka ƙara kuskuren 0.176, ya cika 1. In bai cika ba, ko ka tsaya da wuri ko akwai tuntuɓe a lissafi. Wani abin lura shi ne sharuɗɗan biyu ba sa tabbatar da cewa ka kai mafi kyawun amsa. Ga Gauss da Laplace, kowace amsa ɗaya tak gare ta. Amma sigina mai tozo biyu ko uku tana iya tsayar da kai a wurare dabam-dabam gwargwadon inda ka fara, kuma idan da samfura na gaske kake aiki, wani yanki yana iya zama fanko, babu abin da za a fitar wa matsakaici. Maganinsa a fara daga wurare da yawa a ɗauki mafi ƙarancin kuskure.

To me ya sa layukan tarho ba su rungumi wannan hanya ba? Saboda an ɗinka ta ne a jikin σ guda ɗaya. Ka ɗauki kwantaizar misalinmu ka ba ta mai magana a hankali, wanda σ ɗinsa 0.1 ne. Kusan duk samfuransa za su koma +0.420 ko −0.420, kuskure ya zama kimanin 0.127 alhali ƙarfin siginar 0.01 ne. Kuskure ya ninka murya fiye da sau goma sha biyu. Kamfanin tarho ba ya zaɓar wanda zai ɗaga waya, don haka ƙa'idar G.711 ta 1972 ta bi hanyar logaridim: bit 8, samfura 8000 a daƙiƙa, tazara tana girma tare da girman sigina, ta yadda mai raɗa da mai ɗaga murya za su samu inganci kusan iri ɗaya. Ƙa'idar iri biyu ce: Arewacin Amurka da Japan suna amfani da μ-law, Turai da Afirka kuma A-law.

Sai kuma abin da Gish da Pierce suka nuna a 1968. Lloyd da Max sun ɗauka kowane mataki bit iri ɗaya yake ci. Amma matakan ba a zuwan musu daidai. A misalinmu ainihin bayanin da ke fita kimanin bit 1.73 ne a kowane samfuri, ga shi ana biyan 2. Idan aka yarda a ba matakan da ake yawan zuwa gajeriyar lamba, irin ta Huffman, to idan bit suna da yawa jeri mai tazara ɗaya ne ke yin nasara. Ga Gauss yana tsayawa desibel 1.53 kacal daga iyakar Shannon, wato mafi ƙarancin kuskuren da za a iya samu da wannan adadin bit, yayin da Lloyd-Max mai tsayayyen adadin bit yake baya da kimanin desibel 4.35. Wannan ne ya sa JPEG, hanyar matse hotuna, take auna kowane adadi da jeri mai tazara ɗaya ta bar sauran aikin ga lambobin Huffman.

Inda dole kowane samfuri ya ci bit iri ɗaya kuma an san rarrabuwar sigina, Lloyd-Max tana nan daram. A 1980 Linde da Buzo da Gray suka faɗaɗa karɓa-karɓar Lloyd zuwa samfura da yawa a dunƙule, inda yankuna suka tashi daga guntayen layi suka zama filaye. Masu rarraba bayanai rukuni-rukuni kuma suna gudanar da zagaye biyun nan, kusa da wa kake sannan ina matsakaicinku, da sunan k-means. Lokacin da takardar Lloyd ta fito fili a 1982, shekara 25 ke nan da rubuta ta.