Kafin ka zaro kuɗi a teburin asibiti: muwafaka ko ta'awidi?

Sati biyu ke nan wani saƙon murya yana yawo a wayoyin 'yan uwa mazauna Jidda da Makka, wai idan za a kwantar da kai a asibiti kada ka tsaya jiran muwafakar kamfanin inshora, ka biya kuɗinka kawai, daga baya za su mayar maka ko halala ba za ta yi ciwon kai ba. Na ji shi har sau uku. Maganar ba haka take ba, kuma wanda ya bi ta yana iya yin kuka da idonsa.

Dokar inshorar lafiya ta Saudiyya, wadda aka kafa tun 1999, ta wajabta wa kamfanoni masu zaman kansu su yi wa ma'aikacinsu da iyalinsa inshora, shi ya sa sabunta igama yake rataye da ita. Asalin tsarin kuwa shi ne kai ba ka biya. Kowane kati yana da shabakarsa, wato jerin asibitocin da kamfanin inshorar ya ƙulla yarjejeniya da su. Ka miƙa igama, asibiti ya tura buƙata ta manhajar Nafis, kamfani ya amsa, su biyun su ƙarata. Ƙa'ida ta ba kamfanin minti 60 ya ba da amsa. Ɗan kason nan da ake cira a wajen ganin likita, wanda suke kira tahammul, na masu zuwa su koma gida ne, a tsarin inshora na bai-ɗaya da hukuma ta shimfiɗa ba a cirarsa a kan kwanciya.

Ta'awidi, wato ka biya a mayar maka, ƙaramar ƙofa ce da aka bari saboda larura: ciwon gaggawa ya kama ka, asibitin da ya fi kusa ba ya cikin shabakarka. Ko a nan ma akwai wata jimla da mutane suke tsallakewa, cewa za a biya bisa farashin da aka saba, ba bisa abin da ke jikin faturarka, wato takardar lissafin kuɗin asibiti, ba.

Bari mu buga misali. Direba ne a Jidda, likita ya ce yana da gwaiwa, a yi aiki cikin watan nan. Abokinsa ya nuna masa wani asibiti da ba ya cikin shabakarsa, aka ce riyal 14,000, ya ranto ya biya. Da ya kai takardu, abin da za a fara dubawa shi ne rahoton likita, kuma rahoton ya nuna aiki ne da aka tsara, ba gaggawa. Kamfani yana da hujjar ƙin biya gaba ɗaya, sai dai in katinsa na babban aji ne da ya yarda da jinya a wajen shabaka. To a ce gwaiwar ce ta shaƙe da tsakar dare aka garzaya da shi. Yanzu yana da haƙƙi, amma idan farashin da aka saba na wannan aikin 9,000 ne, ragowar 5,000 daga aljihunsa. Ni dai ban ga adalci a nan ba, don mutumin da ke murƙususu bai zaɓi asibiti ba balle farashi. Amma haka aka rubuta.

Ɗaya jita-jitar ita ce wai ko a ɗakin tawari, wato sashen gaggawa, sai an jira muwafaka. A'a. Ciwon gaggawa ana fara magani nan take, asibiti ne zai sanar da kamfanin cikin awa 24. Idan ma'aikacin tebur ya ce ka ajiye kuɗi tukuna, ka nemi ofishin inshora na asibitin.

Saboda haka a bakin tebur, tambayar farko ita ce ko asibitin yana karɓar ajin katinka, ba sunan kamfanin kawai ba, don kamfani ɗaya yana da shabaka hawa-hawa. In yana karɓa, jira. In muwafaka ta dawo da ƙi, nemi dalilin a rubuce, sau da yawa hoton gwaji ne ko bayanin likita bai cika ba, a gyara a sake turawa. Biyan kuɗi bayan an ƙi ba ya mayar da ƙin ya zama amincewa.

In kuwa dole ta sa ka biya, kira lambar da ke jikin katin tun kana asibitin. Kada ka fita sai da fatura mai bayani dalla-dalla, rasit, sakamakon gwaje-gwaje, da rahoton likita mai hatimi wanda ya faɗi ƙarara cewa gaggawa ce. Akwai wa'adin miƙa takardu a cikin yarjejeniyarka, kuma lissafinsa yana farawa ne daga ranar da ka kashe kuɗin, ba ranar da ka warware ba.