Matsalar Gettier

Matsalar Gettier suna ne da masana falsafa ke kiran jerin misalan da ke nuna cewa mutum yana iya yarda da wani abu, abin ya zama gaskiya, yana kuma da hujja mai kyau, amma duk da haka a ce bai san abin ba. Sunan ya samo asali daga Edmund Gettier, malamin falsafa Ba'amurke, wanda ya buga maƙala mai shafi uku kacal a mujallar Analysis a shekarar 1963, lokacin yana koyarwa a Jami'ar Wayne State da ke Detroit.

Bayanin da aka karya

Kafin wannan maƙala, bayanin da ya fi karɓuwa shi ne cewa sani yana da sharuɗɗa uku. Na farko, abin da ake magana a kai ya kasance gaskiya, domin ba a sanin abin da ba haka yake ba. Na biyu, mutum ya yarda da shi a ransa. Na uku, ya kasance yana da hujjar yardar. Sharaɗi na uku shi ne aka ɗora wa aikin raba sani da canki. Wanda ya ce gobe za a yi ruwa don kawai ransa ya ba shi, aka kuma yi ruwan, ya canka daidai ne, bai sani ba. Ana danganta tushen wannan bayani ga Aflatun, masanin falsafa na tsohuwar Girka, ko da yake shi kansa ya gwada wani abu mai kama da shi bai gamsu ba.

Gettier bai ce sharuɗɗan ba su da amfani ba. Abin da ya nuna shi ne ba su wadatar ba: ana iya cika duka ukun, sani bai samu ba.

Misalin sulalla goma

A misalin da Gettier ya kawo, Smith da Jones sun nemi aiki ɗaya. Shugaban kamfanin ya tabbatar wa Smith cewa Jones za a ɗauka, kuma minti goma da suka wuce Smith da kansa ya ƙirga sulalla goma a aljihun Jones. Daga waɗannan biyun sai ya fitar da hukunci: mutumin da zai samu aikin yana da sulalla goma a aljihunsa. Ashe Smith ɗin ne za a ɗauka, kuma ba tare da ya sani ba, shi ma akwai sulalla goma a nasa aljihun.

Hukuncin gaskiya ne, Smith ya yarda da shi, yana kuma da hujja, tunda maganar shugaban kamfani da ƙirgar da ya yi da hannunsa ba ƙananan dalilai ba ne. Amma hujjarsa duk a kan Jones take, abin da ya sa hukuncin ya zama gaskiya kuwa aljihun Smith ne, wanda bai taɓa leƙawa ba. Hujja tana gabas, gaskiya tana yamma, dace ne kawai ya haɗa su.

Misalin ya tsaya a kan abu biyu da Gettier ya faɗa a fili. Ɗaya, mutum yana iya samun hujja mai kyau a kan abin da ba gaskiya ba. Biyu, idan kana da hujja a kan wata magana, ka fitar da wata daga cikinta ta hanyar mantiƙi ingantacce, to hujjar tana bin ka zuwa ta biyun. Duk mai son kare tsohon bayani sai ya ƙi ɗaya daga cikinsu, kuma kowanne yana da tsada. Idan aka ƙi na farko, aka ce hujja ba ta zama hujja sai ta kore kuskure kwata-kwata, to kusan duk abin da muke ɗauka mun sani ta gani da ji da labarin amintattu ya fita daga sahun sani.

Ba Gettier ne ya fara hango ramin ba. A 1948 Bertrand Russell ya kawo misalin agogon da ya tsaya: mutum ya duba agogon da ya mutu, ya yi sa'a lokacin da agogon ke nunawa shi ne ainihin lokacin. Tun a ƙarni na 8 kuma Dharmottara, masanin falsafar addinin Buddha a ƙasar Indiya, ya yi maganar matafiyin da ya hango kawalwalniya ya ɗauka ruwa ne, da ya isa wurin sai ya tarar da ruwa na gaske a ƙarƙashin wani dutse.

Gyara na farko: kada a bi ta kan ƙarya

A cikin shekarar 1963 ɗin Michael Clark ya ba da shawarar da ta fi saurin zuwa zuciya. Smith ya isa ga hukuncinsa ne ta kan matakin ƙarya, wato cewa Jones zai samu aikin. To a ƙara sharaɗi na huɗu: kada a samu ƙarya a cikin matakan da suka kai mutum ga yardarsa. Wannan ya warware misalin sulalla, ya warware na agogo ma, tunda mai duban ya ɗauka agogon yana tafiya.

Gyaran yana da ciwo ta fuska biyu. Ta wata fuskar ya yi tsauri da yawa. Ted Warfield ya kawo misalin malamin da ya shigo da takardu 100 don rabawa, ya ƙirga masu sauraro ya samu 53, ya ce takardun sun isa. Ashe mutum ɗaya ya canza kujera an ƙirga shi sau biyu, su 52 ne. Matakin ƙarya ne, amma da wuya a ce malamin bai san takardunsa sun isa ba. Ta ɗaya fuskar kuma bai yi tsaurin da ake buƙata ba, domin akwai misalan da babu wani matakin ƙarya a cikinsu, kamar na rumbunan bogi da ke tafe.

Gyara na biyu: igiyar sanadi

A 1967 Alvin Goldman ya duba ta wata kusurwa. Ya ce sani yana samuwa ne idan abin da ya faru shi ne ya jawo yardar mutum ta hanyar da ta dace. Na san akwai kofi a gabana domin kofin ne ya sa na gan shi. Sulallan aljihun Smith ba su da hannu a yardarsa, saboda haka bai sani ba. Bayanin yana tafiya daidai a abin da ake gani da ido ko ake tunawa, amma yana tangal-tangal a lissafi, inda ba a ganin yadda lamba za ta zama sanadin wani abu a cikin kai.

Goldman da kansa ne ya buga misalin da ya kayar da wannan ra'ayi a 1976, misalin da ake danganta asalinsa ga Carl Ginet. Henry yana tuƙi a wani yanki na karkara, ya hango rumbu a gefen hanya da rana tsaka, idonsa lafiya lau, ya ce wannan rumbu ne. Rumbu ne kuwa na gaske. Abin da bai sani ba shi ne mutanen yankin sun cika gefen hanyar da fuskokin rumbu na bogi, bango ɗaya kawai ba ciki ba baya, waɗanda daga mota ba a bambance su da na gaske. Wanda idonsa ya faɗa a kai shi kaɗai ne sahihi. A nan igiyar sanadi ba ta tsinke ba, rumbun ne ya jawo yardarsa, babu kuma matakin ƙarya. Amma da ya waiga daƙiƙa kaɗan kafin nan ko bayan nan, da bogi zai gani ya faɗi magana iri ɗaya. Yawancin masana sun ce bai sani ba, ko da yake wannan misali ya fi na sulalla jawo saɓani, akwai masu ganin Henry ya sani sarai.

Gyara na uku: da abin ba haka yake ba fa?

Darasin rumbunan shi ne ba abin da ya faru kaɗai ake dubawa ba, har da abin da ya kusa faruwa. Fred Dretske a 1971 da Robert Nozick a 1981 sun gina sharaɗi a kan haka: mutum ya san abu idan, da abin ba gaskiya ba ne, da bai yarda da shi ba. Mai agogo ya faɗi wannan jarrabawa, domin da ƙarfe uku ne ba biyu ba, da har yanzu biyu zai ce. Henry ma ya faɗi.

Saul Kripke ya nuna inda sharaɗin ke haifar da abin mamaki. A ɗauka cewa duk na bogin ba a iya yi musu jan fenti, rumbun gaskiyar kuma ja ne. Idan Henry ya ce wannan jan rumbu ne, ya ci jarrabawa, domin da bogi ne a wurin da ba ja zai gani ba. Idan kuma ya ce wannan rumbu ne kawai, ya faɗi. Sakamakon shi ne ya san jan rumbu ne amma bai san rumbu ba ne, maganar da hankali ba ya ɗauka. Saboda irin wannan ne Ernest Sosa da wasu suka juya sharaɗin: abin da ake buƙata shi ne yardar ta kasance ba ta cikin haɗarin kuskure, wato ta hanyar da mutum ya bi, ba abu ne mai sauƙi ya yi kuskure ba. Wannan ya fi jurewa, sai dai ya bar tambayar yaya kusancin kuskure zai kai kafin a ce ya ɓata sani, kuma ba shi da ma'auni tsayayye a kan haka.

Dalilin da ya sa gyare-gyaren ke faɗuwa

Linda Zagzebski ta nuna a 1994 cewa misalan duk ƙira ɗaya gare su, har ana iya ƙera sabo a mataki biyu. Da farko a ɗauki yardar da ta cika duk sharaɗin da mai gyara ya gindaya, sai a sa rashin sa'a ya mayar da ita ƙarya. Sannan a ƙara sa'a ta biyu wadda za ta mayar da ita gaskiya ta wata hanya dabam. Likita ya ga alamomi da sakamakon gwaji duk suna nuna wata ƙwayar cuta, ya ce majinyacin yana ɗauke da ita. Rashin sa'a: wata cuta ce dabam mai kama da ita ta jawo alamomin da sakamakon. Sa'a: majinyacin ya kamu da ta farkon jiya-jiya, ba ta kai ga nuna alama ba tukuna. Hukuncin likitan gaskiya ne, hujjarsa ta ƙwararru ce, amma bai sani ba.

Hujjar Zagzebski ita ce muddin sharaɗin da aka ƙara ya bar ko da ƙaramar tazara tsakaninsa da gaskiya, wannan ƙira za ta shiga ta tazarar. Mafita ɗaya ita ce a sa sharaɗin da shi kansa ya ƙunshi gaskiya, kamar a ce mutum ya dace da gaskiya saboda ƙwarewarsa. Sosa ya kwatanta shi da maharbi: kibiya ta samu bara, maharbin gwani ne, amma idan iska ta kautar da kibiyar wata iskar ta dawo da ita, to ba gwanintarsa ce ta kai ta ba. Wahalar tana cikin kalmar "saboda", wadda fayyace ta bai fi fayyace sani sauƙi ba.

Timothy Williamson a shekarar 2000 ya ɗauki wata hanya. A ganinsa gazawar kusan shekara arba'in alama ce cewa sani ba ya rarrabuwa zuwa yarda da gaskiya da wani abu na uku, kamar yadda ja launi ne amma ba a iya cewa ja shi ne launi haɗe da wani sinadari. Sai ya juya tsarin, ya ɗauki sani a matsayin tushe, ya bayyana sauran da shi: hujjar mutum, in ji shi, ita ce jimillar abin da ya sani, kuma bai kamata mutum ya tabbatar da magana ba sai wadda ya sani. Masu suka suna cewa wannan bai bayyana abin da Smith ya rasa ba, suna kawai aka ba shi.