Takardar Izinin Aiki a Kanada Ba Hajar Kasuwa Ba Ce

A Garoua da Maroua da ke arewacin Kamaru an daɗe ana ɗauka cewa izinin aiki a Kanada abu ne da dillali ke sayarwa: ka biya, ya samo maka kamfani, sai jirgi. Ba haka tsarin yake ba.

A galibin ayyuka, mai kamfanin ne ke fara nema, ba ma'aikaci ba. Sai ya samu takardar da ake kira LMIA, wadda ke tabbatar da cewa ya nemi ma'aikaci a cikin ƙasa bai samu ba. Gwamnati na gudun a tsallake 'yan ƙasa a ɗauko baƙo don kawai zai yarda da ƙaramin albashi.

A ce gareji na neman makaniki. Dole ya tallata gurbin aƙalla makonni huɗu a jere, a shafin gwamnati na Job Bank da wasu hanyoyi biyu, da albashin da aka saba biya a yankin. Sannan ya faɗi 'yan ƙasa nawa suka nema da dalilin ƙin ɗaukarsu. Nan ne da yawa ke faɗuwa, musamman masu cusa sharuɗɗan da aikin bai buƙata don su kori masu nema.

Kuɗin LMIA dalar Kanada 1,000 ne kan kowane gurbi, kuma doka ta hana a karɓe shi daga ma'aikaci. Duk wanda ya ce ka tura wannan kuɗi, ka ja da baya. Sai takardar ta fito kake neman izinin, kuma da sunan wannan kamfanin kaɗai za a ba ka.